Rediyon sufahetarodayin: tarihinsa da yadda yake mayar da kowace tasha kan kaɗawa ɗaya

Sufahetarodayin tsari ne na ƙera akwatin rediyo wanda a cikinsa ake ɗauko siginar kowace tasha, ko ina take a zango, a sauko da ita kan kaɗawa ɗaya tabbatacciya da ake kira kaɗawar tsakiya, kafin a tace ta, a ƙara mata ƙarfi, a fitar da murya daga cikinta. Kaɗawa a nan tana nufin yawan kai da komon da igiyar rediyo take yi a daƙiƙa ɗaya, kuma ana auna ta da kilohaz, wato kaɗawa dubu, wanda ake rubutawa kHz a fuskar rediyo.

Tushen dabarar ya samo asali daga Reginald Fessenden, ɗan ƙasar Kanada, wanda a 1901 ya nuna cewa idan aka haɗa sigina biyu masu kusancin kaɗawa, sai a sami ta uku wadda kaɗawarta ita ce bambancin da ke tsakaninsu. Nufinsa shi ne bambancin ya faɗo inda kunne yake ji, domin saƙon tangaraho ya fito kamar fito. Matsalar da ta sa aka faɗaɗa dabarar ta bayyana a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da bawul, wato ƙwan gilashin da ake ƙara ƙarfin sigina da shi kafin zuwan tiransisto, ya kasa yin aikin kirki a kan kaɗawa mai yawa. Lucien Lévy na Faransa ya nemi rajistar mallakar fasaha a 1917, Walter Schottky na Jamus ya nemi tasa a 1918, kuma a wannan shekara Edwin Armstrong, jami'in sadarwa na sojan Amurka a Paris, ya haɗa akwatin da ya yi aiki. Dukkansu sun gane cewa za a iya zaɓar bambancin da ya fi ƙarfin jin kunne amma bai fi ƙarfin bawul ba. Armstrong ya sami rajistarsa ta Amurka a 1920, sai dai a 1928 wata kotun Amurka ta ba Lévy fifiko a kan mafi yawan abubuwan da rajistar ta ƙunsa, don haka danganta ƙirƙirar ga Armstrong shi kaɗai, kamar yadda aka saba, tauye wa Lévy haƙƙi ne. Kamfanin RCA ya fara sayar wa jama'a irin wannan rediyo a 1924, kuma cikin shekarun 1930 sabon tsarin ya ture tsohon tsarin da ake juya wa kowane matakin ƙara ƙarfi nasa makunnin.

Aikin yana gudana ne a wurare biyu. A cikin akwatin akwai osileta, ɗan da'irar lantarki mai samar da siginarta ta kanta, akwai kuma mahaɗa, inda siginar tasha da ta osileta suke ninka juna, abin da ke haifar da sababbin sigina biyu, ɗaya a kan jimillar kaɗawarsu, ɗaya a kan bambancinsu, kowacce ɗauke da muryar tashar ba tare da ta sauya ba. A rediyon matsakaicin zango mai kaɗawar tsakiya 455 kHz, idan ana son tashar da ke kan 999 kHz, ana saita osileta a kan 1454 kHz, sai mahaɗa ta fitar da 2453 kHz da 455 kHz, matatar da ke gaba kuwa ta ƙarshen kaɗai take bari ta wuce. Tashar da ke maƙwabtaka a kan 1008 kHz tana fitowa a kan 446 kHz, matata ta danne ta. Idan mai sauraro ya juya makunni, osileta yake motsawa, matatar tana nan inda aka saita ta tun daga masana'anta.

Ribar tana cikin wannan tsayuwa wuri ɗaya. Faɗin abin da matata mai kwayil da kafasita take bari ya wuce yana ƙaruwa gwargwadon kaɗawar da take aiki a kanta: wadda faɗinta ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaɗawarta za ta buɗe ƙofar 150 kHz a kan 15,000 kHz, wadda tashoshi da dama za su kutsa tare, alhali a kan 455 kHz ƙofarta ba ta kai 5 kHz ba. Saboda haka maƙeri yana iya jera matatai da dama, ya daidaita su sau ɗaya, rediyon kuma ya raba tashoshi da kaifi iri ɗaya daga farkon zango zuwa ƙarshensa.

Ɗora osileta a saman tashar ma yana da dalili. Matsakaicin zango a Afirka da Turai ya kama daga 531 zuwa 1602 kHz, don haka osileta ta sama za ta yi tafiya daga 986 zuwa 2057 kHz, wato ninki biyu da ɗan ɗori, yayin da ta ƙasa za ta buƙaci tafiya daga 76 zuwa 1147 kHz, kimanin ninki goma sha biyar, abin da kafasita mai juyawa guda ɗaya ba za ta iya ba.

Tsarin yana da aibi ɗaya da aka haife shi da shi, wanda ake kira inuwa. Mahaɗa ba ta san sama da ƙasa ba, bambanci kawai ta sani, don haka osiletar da ke kan 1454 kHz za ta mayar da 999 kHz zuwa 455, ta kuma mayar da 1909 kHz zuwa 455 ɗin dai. Inuwar kullum tana nesa da tashar da ninki biyu na kaɗawar tsakiya, a nan 910 kHz, kuma da zarar ta ratsa mahaɗa babu matatar da za ta iya raba ta da tashar gaske. Maganinta shi ne a tare ta tun daga bakin eriya da wata matata mai juyawa tare da osileta a kan sanda ɗaya. A matsakaicin zango wannan ya wadatar, amma a gajeren zango, inda Hausawa suka shafe shekaru suna kama Sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, tazarar 910 kHz a kan 15,000 kHz kimanin kashi shida cikin ɗari ce kawai, matata ɗaya kuma ba ta iya datse ta sosai. Alamar a bayyane take ga mai ƙaramin rediyo: tasha mai ƙarfi tana fitowa a wuri biyu, a mazauninta na gaskiya da kuma 910 kHz ƙasa da shi, kuma idan inuwar ta faɗo kan wata tashar sai a ji fito mai hawa da sauka yayin da ake juya makunni.

Wannan aibi ne ya yi ta tura adadin kaɗawar tsakiya sama. Akwatunan farko na RCA sun yi aiki da ƙasa da 50 kHz, inda inuwa take kusa ƙwarai, a farkon shekarun 1930 aka yawaita amfani da 175 kHz, daga baya aka tsaya a kusa da 455 kHz, adadin da ya faɗo ƙasa kaɗan da farkon matsakaicin zango, ya kuma daidaita tsakanin kaifin rabewa da nisan inuwa. Rediyon FM, wanda tashoshinsa suke tsakanin 87.5 da 108 megahaz, yana amfani da 10.7 megahaz, wanda ninkinsa biyu, 21.4, ya zarce faɗin zangon gaba ɗaya, don haka inuwar kowace tasha tana faɗawa waje da zangon. Akwatunan gajeren zango masu tsada kuwa suna yin haɗin sau biyu, na farko zuwa kaɗawa mai yawa domin nisanta inuwa, na biyu zuwa 455 kHz domin raba tashoshin da ke maƙwabtaka da juna.