Aƙidar amfani: a auna aiki ko a auna ƙa'ida?

Aƙidar amfani, wadda masanan Ingila Jeremy Bentham (1748–1832) da John Stuart Mill (1806–1873) suka yaɗa, tana cewa aiki nagari shi ne wanda ya fi jawo wa mutane jin daɗi da rage wahala. Mabiyanta sun rabu biyu kan abin da za a auna.

Misali, an ba direba saƙon jika goma ya kai wa wani attajiri a Damagaram. A tasha ya tarar da wata mata, ɗanta ba lafiya, ba ta da kuɗin magani.

Masu auna aiki suna duba wannan lamarin kaɗai: idan ceton yaron ya fi asarar attajirin da zubewar mutuncin direban nauyi, to ya ba ta.

Masu auna ƙa'ida kuwa tambayarsu daban ce: wace doka ce za ta fi amfani idan kowa ya bi ta? Da direbobi za su riƙa taɓa saƙo duk lokacin da suka ga mabuƙaci, da ba mai sake ba su amana. Don haka ya kai kuɗin cif.

Ana sukar na farko da buɗe ƙofar cin amana. Na biyu kuma, J. J. C. Smart ya zarge su da bautar doka, tunda suna riƙe ta ko a ranar da karya ta ya fi alheri.