Ƙuri'ar Mendel: Yadda Jinin AS Ya Tona Asirin Maleriya

A Katsina mun saba jin AA da AS da SS idan an zo gwajin jini kafin aure. Wannan makon za mu bi tarihin yadda masana suka yi amfani da jinin AS wajen warware wata tambaya.

Likitocin yara a Afirka sun daɗe suna ganin cewa inda maleriya ta yi yawa, ana yawan samun yaran da ƙwayoyin bakteriya suka shiga jininsu, abin da kan kai ga mutuwa. To, maleriyar ce ke buɗe wa bakteriya ƙofa, ko kuwa talauci ne ke kawo su biyun? Gidan da babu gidan sauro, sau da yawa shi ne ba shi da ruwa mai tsafta da isasshen abinci. Ba kuma zai yiwu a raba yara biyu a sa wa rabi maleriya da gangan ba.

Amma akwai rabon da aka riga aka yi tun a ciki. Bisa dokar gado da Gregor Mendel ya wallafa a 1866, idan uba AS ne uwa kuma AA, kowane ciki yana iya fitowa AA ko AS, rabi da rabi. Dukiyar gida ba ta da hannu a wannan ƙuri'a.

A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga maleriya. An ga alamar hakan a maƙwabtanmu, a binciken Garki da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976, a Jihar Kano ta lokacin, Jigawa ta yau. Alan Fleming da abokan aikinsa sun samu cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na jarirai AS ne, amma a waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kusan 29. Jinin mutum ba ya sauyawa, don haka ma'anar ita ce yara masu AA sun fi mutuwa.

Martijn Katan ne ya fito da dabarar ƙarara a 1986, kan kolestarol da cutar daji, sannan George Davey Smith da Shah Ebrahim suka yaɗa ta a 2003. A wajen maleriya ga yadda take: masu AS mutane ne da gado ya rage wa illar maleriya. Idan maleriya ke jawo wata cuta, dole wannan cutar ta yi ƙaranci a cikinsu. Idan talauci ne kawai, AA da AS za su yi kunnen doki.

Anthony Scott da abokansa sun gwada wannan a Kilifi ta Kenya, suka wallafa a 2011. Sun tarar haɗarin shigar bakteriya cikin jini ga yaro mai AS bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na mai AA ba.

Sai dai mai shakka zai ce: idan jinin AS da kansa ke yaƙar bakteriya fa? Wannan babbar matsalar dabarar ce, domin sharaɗinta shi ne ƙwayar gadon ta shafi cutar ta hanyar abin da ake zargi kaɗai. Tarihi ya ba da amsa. Daga 1999 zuwa 2007 maleriya ta ragu matuƙa a Kilifi, kariyar AS daga bakteriya ita ma ta bi ta har ta ɓace. Da jinin ne ke yaƙin kai tsaye, da kariyar ta tsaya. Sun ƙiyasta cewa a 1999 kusan kashi 62 cikin ɗari na wannan cuta maleriya ce silarsa.

Matsala ta biyu ta shafe mu kai tsaye. Ƙuri'ar tana da tsabta ne tsakanin 'ya'yan gida ɗaya, ba tsakanin ƙabilu ba. A Burkina Faso an gano cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mossi jure maleriya, alhali AS bai fi yawa a cikinsu ba. Mai irin wannan bincike a Katsina, inda Hausawa da Fulani suka cakuɗe, dole ya lura da asalin kowa, in ba haka ba ya jingina wa jini abin da na zuri'a ne ko na yanayin zama.

Mu kuma kiyaye: kariyar AS ba cikakkiya ba ce, mai AS yana kamuwa da maleriya. Masu SS kuwa ba a haɗa su da AS a wannan lissafi, domin sikila tana raunana saifa, ta ƙara musu haɗarin bakteriya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.