Daga Jadawali zuwa Rubutun Zube: Nazari a kan Alƙaluman Ƙidayar Nijeriya ta 2006

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ɗauko alƙaluma daga rahoton da jadawali ya cika, a mai da su bayanin zube ba tare da sun gurɓata ba. An yi aiki da sakamakon ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006, tare da waiwayen ta 1991. Abin da nazarin ya nuna shi ne, kuskure ya fi zuwa ne daga dangantakar da jimla take ƙullawa tsakanin lambobi biyu, ko da an kwafi kowace lamba daidai.

Gabatarwa

Jadawali yana jera adadi ne kawai, kowanne a gurbinsa, ƙarƙashin kan da ke faɗin shekara da wuri da ma'auni. Da zarar marubuci ya ce "ta fi", ko "ya ƙaru", ko "kusan", ya shigo da wani adadi na uku wanda babu shi a jadawalin, kuma alhakinsa yana wuyansa. Haka nan kan jadawalin, wanda yake tsare ma'anar lambar, ba ya biyo ta cikin jimla sai an ɗauko shi da gangan. An zaɓi ƙidayar 2006 ne saboda alƙalumanta sanannu ne, kuma an sha jayayya a kansu, don haka ƙaramin kuskure a cikinsu ba ya wucewa salin-alin.

Jadawali biyu masu suna ɗaya

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi aikin ne a watan Maris na 2006. A Janairun 2007 aka fitar da sakamakon wucin gadi, mutum 140,003,542. Sakamakon ƙarshe, wanda ya fito a gazet ɗin gwamnatin tarayya a 2009, ya ce mutum 140,431,790 ne: maza 71,345,488, mata 69,086,302. Dukansu biyu "ƙidayar 2006" ake kiran su, kuma duka suna yawo a littattafai da kundayen ɗalibai.

A ɗauki Kano da Legas. A jadawalin wucin gadi Kano tana da 9,383,682, Legas 9,013,534, tazararsu 370,148. A na ƙarshe Kano tana da 9,401,288, Legas 9,113,605, tazara ta sauko zuwa 287,683. Idan marubuci ya ɗauki Kano daga na ƙarshe, ya ɗauki Legas daga na wucin gadi, zai rubuta cewa Kano ta fi Legas da mutum 387,754. Kowace lamba da ya kwafa gaskiya ce, amma tazarar da ya bayar ba ta cikin kowane rahoto, kuma ta zarce ta sakamakon ƙarshe da mutum dubu ɗari da 'yan kai. A cikin jadawali da wuya wannan ya faru, domin jimillar da ke ƙasa za ta ƙi fita. Zube ba shi da wannan mai gadin. Saboda haka matakin farko shi ne a tsaya a kan jadawali ɗaya, a kuma ambaci wanne ne a jimlar farko.

Dunƙule adadi

Mai karatu ba ya riƙe lamba mai ɗauke da alƙaluma tara, dole a dunƙule. Tambayar ita ce zuwa ina. Ga jimillar ƙasa, "miliyan 140" ya wadatar. Ga Kano da Legas kuwa, idan aka ce kowacce "kusan miliyan tara", an shafe bambancin da ake son nunawa. Sai an ce miliyan 9.4 da miliyan 9.1 kafin ya bayyana. Girman abin da ake kwatantawa ne yake yanke yawan dunƙulewar.

Akwai kuma ƙa'idar da ake yawan takewa: a yi lissafi da cikakkun lambobi, sannan a dunƙule amsar. Wanda ya cire 9.1 daga 9.4 zai sami dubu ɗari uku. Bai yi nisa da 287,683 ba, amma ya ƙara mutum fiye da dubu goma sha biyu, kuma idan ya ci gaba da gina wani lissafin a kansa, kuskuren zai yi ta hayayyafa. "Kusan dubu 290" ya fi kusa da gaskiya.

Kashi nawa, cikin me?

Nan ne nazarin ya fi samun abin faɗa. Kano tana da kashi 6.7 cikin ɗari na jama'ar ƙasa, Legas tana da kashi 6.5. Marubuci mai gaggawa zai ce Kano ta fi Legas da kashi 0.2 cikin ɗari. Wannan 0.2 ɗin bambancin kasonsu ne daga jimillar Nijeriya. Idan ana nufin yadda Kano ta fi Legas ita kanta, sai a raba 287,683 da 9,113,605, a sami kashi 3.2 cikin ɗari. Lambobin biyu daidai suke, tambayoyin da suke amsawa ne daban. Magani shi ne kada kalmar "kashi" ta tsaya a jimla ba tare da an faɗi cikin me ba.

Haɓakar jama'a ma tana da irin wannan tarko. Ƙidayar Nuwamban 1991 ta ba da 88,992,220. Ƙarin da aka samu zuwa 2006 mutum 51,439,570 ne, wato kashi 57.8 cikin ɗari na adadin 1991. Wanda ya raba 57.8 da shekara 15 zai ce ana ƙaruwa da kashi 3.9 a shekara, alhali adadin da aka bayyana 3.2 ne. Kuskure biyu ya yi. Tsakanin Nuwamban 1991 da Maris na 2006 shekara 14 ne da wata huɗu. Sannan jama'a tana haɓaka ne a kan adadin bara, wanda shi ma ya riga ya ƙaru, ba a kan na 1991 kullum ba. Idan aka yi lissafin ta wannan hanya, 3.2 ɗin ne ke fita. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk inda rahoto ya riga ya ba da irin wannan adadi, marubucin zube ya ɗauko shi yadda yake, ya bar nasa lissafin a matsayin gwaji.

Sakin layin da aka gina

Bisa waɗannan matakai, ga yadda jadawalin jihohi 36 da Abuja zai iya komawa zube, idan batun Kano da Legas ne: "Sakamakon ƙarshe na ƙidayar 2006 ya nuna Nijeriya tana da mutum miliyan 140.4. Kano ce kan gaba da miliyan 9.4, Legas na biye da miliyan 9.1, tazarar kusan mutum dubu 290. Gwamnatin Legas ba ta amince da adadinta ba, ta ce jama'arta sun haura miliyan 17." An bar sauran jihohin a jadawali, a rataye, domin batun bai shafe su ba. An kuma ce "sakamakon ya nuna", an danganta adadin da mai shi, tunda gaskiyar ƙidayar kanta ba hurumin mai mayarwa ba ne.

Bayan an gama, sai a bi rubutun da baya: a ja layi ƙarƙashin kowace lamba, a rubuta a gefe jadawalin da layin da ta fito, ko lissafin da ya haife ta.

Inda wannan gwaji ba ya kamawa

Akwai kuskuren da bin lambobi ɗaya bayan ɗaya ba zai gano shi ba. A 1991 Jihar Sakkwato tana da mutum sama da miliyan huɗu, a 2006 kuwa 3,702,676. Jimlar da ta ce jama'ar Sakkwato sun ragu za ta ci gwajin, domin lambobin duka suna cikin jadawali. Sai dai a 1996 an cire Zamfara daga Sakkwato, kuma a 2006 Zamfara tana da 3,278,873. Kwatancin da ya inganta shi ne a haɗa su biyun, 6,981,549, a gwada da adadin 1991. Haka abin yake ga Bauci da Gombe, da Filato da Nasarawa, waɗanda su ma aka raba a 1996. Kano ba ta da wannan matsalar, domin an ƙirƙiro Jigawa a Agustan 1991, wata uku kafin ƙidayar shekarar, kuma an ƙirga ta daban.