Zagayen jarin gudanarwa: abin da ke sa kamfani mai riba ya rasa kuɗi a hannu

Jarin gudanarwa shi ne kuɗin da ke ɗaure a harkar yau da kullum ta kasuwanci, wato kimar hajar da ke rumbu da bashin da ake bin abokan ciniki, bayan an cire bashin da masu kawo kaya ke bin kamfanin. Zagayensa kuwa shi ne adadin kwanakin da ke tsakanin ranar da kuɗi suka fita don sayen kaya da ranar da suka dawo daga hannun mai saye. Da kwanaki ake auna shi: a haɗa kwanakin da haja ke yi kafin a sayar da kwanakin jiran biya, sannan a debe kwanakin da masu kawo kaya suka ɗaga wa kamfanin ƙafa.

A ɗauki misalin wata matsakaiciyar masana'antar casar shinkafa a Kano, wadda ke kashe naira miliyan 2 a kowace rana wajen sayen shanshera da sarrafa ta. Daga shigar shanshera rumbu zuwa fitar buhun da aka cashe, kwana 60 ake yi. Dillalan da ke ɗaukar kayan ba sa biya sai bayan kwana 30, alhali masu kawo shanshera kwana 10 kawai suke iya jira. Zagayen ya zama kwana 80 ke nan. Ma'anarsa, a kowane lokaci akwai kimanin naira miliyan 160 na masana'antar da suka fita ba su dawo ba, kuma dole wani ya ɗauki nauyinsu, ko mai kamfanin daga aljihunsa ko banki.

Idan banki ne, jiran yana da farashi. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu a kai. In aka ranci miliyan 160 ɗin a kan kashi 30, ruwan shekara zai kai miliyan 48. Kowace rana guda da aka rage daga zagayen tana sako miliyan 2, tana kuma kare dubu 600 na ruwa a shekara.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne bunƙasa kanta tana cin kuɗi. Idan ciniki ya ninka, kwanakin kuma ba su sauya ba, buƙatar za ta tashi zuwa miliyan 320, kuma ƙarin zai fita tun kafin ribar sabon cinikin ta shigo. Littafin lissafi yana rubuta riba ranar da aka sayar, amma albashi da kuɗin dizal ba sa jiran dillali. Hauhawar farashi ma haka take yi ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya ba: idan tsadar kaya ta ƙaru da kashi 30, miliyan 160 ta koma 208. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34, don haka 'yan kasuwa da yawa da ke kukan jarinsu ya karye ba asara suka yi a ciniki ba, kuɗin da suka dawo ne ba su isa sake cika rumbu ba.

Zagayen yana iya komawa ƙasa da sifili. Babban kanti da ke sayar da kaya cikin kwana 20 kuɗi hannu, ya biya masu kawo masa bayan kwana 45, yana juya kuɗin wasu har kwana 25 kyauta. Sai dai nauyin bai ɓace ba, ya koma wuyan ƙaramin mai kawo kayan ne, wanda rance ya fi yi masa tsada. Haka abin yake idan gwamnati ta jinkirta biyan 'yan kwangila: ta ci bashi ke nan ba tare da ta nema ba, su kuma su miƙa jinkirin ga masu sayar musu da siminti da kuma leburorinsu.

Alamar matsala ta farko ita ce bashin da ake bi ya riƙa girma fiye da yadda ciniki ke girma. Ta biyu, kamfani ya fara jan ƙafa wajen biyan masu kawo kaya. A takarda zagayen zai gajarta har ya yi kyau, alhali rashin kuɗi ne ya jawo. Matsakaicin lissafin shekara kuma yana ɓoye yanayin kaka. Masana'antar da ke tara shansherar watanni da dama lokacin girbi, saboda a sannan ta fi araha, buƙatarta a watan Disamba za ta zarce miliyan 160 nesa ba kusa ba, kuma da wannan ƙololuwar ake shirya neman rance.