Wanda Ya Biya Soja Shi Ne Mai Rum

A zamanin jamhuriya, Rum ba ta da sarki. Kowace shekara ana zaɓen shugabanni biyu, majalisar dattawa kuma tana riƙe da baitulmali. Soja manomi ne mai gonar kansa, shi ke sayen makamansa, in an gama yaƙi ya koma gida. Da yaƙe-yaƙe suka yi nisa, gonakin ƙananan manoma suka koma hannun attajirai masu bayi, masu cancantar shiga soja suka ragu.

A shekara ta 107 kafin Miladiyya, Janar Mariyus ya ɗebi talakawa marasa ko taƙi ɗaya. A ganina, daga nan bango ya tsage. Wanda ba shi da gona, idonsa na kan janar ɗin da zai samo masa fili ranar sallama, ba kan majalisa ba. Shi ya sa a 88 dakarun Janar Sulla suka bi shi suka afka wa birninsu, a 49 kuma na Yuliyus Kaisar suka ƙetare kogin Rubikon tare da shi, suka shiga Italiya da yaƙi. An kashe Kaisar a 44, amma jamhuriya ba ta farfaɗo ba. Magajinsa Oktabiyan ya murƙushe abokan hamayya, a 27 majalisa ta ba shi laƙabin Agustus.

Agustus ya gane ciwon. Ya rage rundunoni zuwa 28, sannan a shekara ta 6 Miladiyya ya kafa asusun sallamar sojoji, mai biyan wanda ya gama aiki sestas 12,000 na kuɗin Rum. Soja ya daina kallon janar, ya koma kallon sarki. Sai dai babu tsayayyar dokar gadon sarauta, kuma sojoji sun san haka.

A 193 dogaran fada suka kashe Sarki Fartinas, suka sa sarauta a gwanjo. Didiyus Juliyanus ya taya sestas 25,000 ga kowane dogari, aka sallama masa. Kwana 66 ya yi. Wanda ya gaje shi, Sebtimiyus Seberus, ɗan Libiya ne, ya ƙara albashin soja, ɗansa Karakalla ya sake ƙarawa. Ina kuɗin? Sai aka riƙa gauraya azurfa da tagulla. Tsabar da take kusan azurfa zalla a zamanin Agustus ta koma rabi, wajen 270 kuwa azurfar cikinta ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Tsakanin 235 da 284 an yi sarakuna sama da ashirin, yawancinsu kashe su aka yi, ga annoba, ga Farisawa da ƙabilun Jamus a kan iyaka.

A 476 sojojin haya a Italiya suka nemi gonaki, aka hana su. Shugabansu Odowakar ya tuɓe Romulus, sarki na ƙarshe a ɓangaren yamma na daular. Ɓangaren gabas kuwa, mai cikakken baitulmali, ya kai 1453.