Yadda Ake Jera Tufafi Hawa Uku a Lokacin Hunturu

Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, iskar hunturu kan sauko daga Sahara ta ratsa Minna da ƙura da ɗari. A unguwanni irin su Ketaren Gwari, ma'aunin zafi kan sauka zuwa kusan digiri 20 da asuba, amma kafin azahar ya haura 30. Wannan tazara ce ke sa jibgegiyar riga guda ɗaya ta kasa biyan buƙata: da safe ta yi daidai, da hantsi ta zama kaya. Mafita ita ce jera tufafi marasa nauyi hawa uku, kowanne da aikinsa.

Tufa ba ta samar da zafi, jiki ne ke samar da shi. Aikinta shi ne ta tsare busasshiyar iskar da jiki ya ɗumama. Abu biyu ke sace wannan ɗumi: iska mai kaɗawa da kuma gumi, domin ruwa na janye zafi daga fata fiye da iska ninki ashirin da wani abu.

Hawa na farko: rigar ciki

Ita ce ke taɓa fata, kuma aikinta shi ne ta janye gumi ta bushe da wuri. Ya kamata ta kama jiki ba tare da ta matse ba. Yadin poliyesta, irin wanda ake yin jesin ƙwallo da shi, ya dace da wannan aiki. Singiletin auduga kuwa yakan sha gumi ya riƙe shi. Ga mai zama wuri ɗaya babu laifi, amma mai aikin ƙarfi zai ji sanyi ya manne masa a baya da zarar ya tsaya hutawa.

Hawa na biyu: mai riƙe ɗumi

Wannan ita ce suwaita, ta ulu ko ta yadin roba mai laushi kamar bargo. Ba nauyinta ke ɗumama jiki ba, iskar da ke maƙale tsakanin zaruruwanta ce. Saboda haka idan rigar da ke sama ta danne ta, ɗumin ya ragu. Mai zif a gaba ta fi, domin ana iya buɗe ta ba sai an tuɓe ba.

Hawa na uku: rigar waje

Aikinta tare iska. Jaket mara kauri mai matsattsiyar saƙa, kamar ta nailan, ta wadatar, muddin wuyanta da bakin hannunta suna rufuwa. Ga gwaji mai sauƙi a wajen 'yan gwanjo: a kara yadin a baki a hura. Idan iskar ta fita ɗaya gefen cikin sauƙi, ba zai tare jaura ba. Rigar ruwa ta leda tana tare iska, amma tana kulle gumi a ciki. Tunda ba a ruwan sama da hunturu, ba a buƙatarta.

Misali: mai babur da sassafe

A ɗauki ma'aikacin da ke barin Ketaren Gwari da ƙarfe 6 na safe a kan babur zuwa Chanchaga. Ko da gari ya yi tsit, gudun kilomita 40 a awa na nufin iska mai wannan gudu tana dukan ƙirjinsa. Idan suwaita kaɗai ya sa, iskar za ta ratsa saƙarta ta kwashe ɗumin. Idan ya ɗora jaket ya ja zif har wuya, suwaitar za ta yi aikinta. Da ya sauka sai ya cire jaket, domin iskar ta tsaya. Wajen ƙarfe 10 ya cire suwaita. Ƙa'idar ita ce a rage hawa kafin gumi ya karyo, ba bayansa ba.

Mai tafiya a ƙasa a Minna sau da yawa hawa biyu sun ishe shi. Maigadin dare, wanda ba ya motsi sosai, shi ne mai buƙatar ukun, haka ma wanda zai je Jos, inda sanyin dare kan kusanci digiri 10. Hula da safa da safar hannu na rufe wuraren da riguna ba sa kaiwa.

Alamomin kuskure

Jiƙaƙƙen baya na nuna kaya sun yi yawa. Jin sanyi a kan babur kaɗai na nuna rigar waje ce ta gaza. Karkarwa a zaune na nuna hawa na biyu bai isa ba. Jariri ba ya iya faɗa, don haka a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa: idan da gumi, a rage masa mayafi. Dattijon da aka ga ya rikice ko maganarsa tana sarƙewa bayan ya daɗe cikin sanyi, a lulluɓe shi a kai shi asibiti. A kuma kiyaye: nailan da poliyesta suna narkewa su manne wa fata, don haka kada mai sanye da su ya matsa kusa da garwashi wajen jin ɗumi.