Zaƙin baki ko ƙarya: yaushe doka ke warware ciniki a Gana?

Dokar ciniki ta bambanta zaƙin bakin mai sayarwa da bayanin ƙarya. Na farko yabon haja ne da kowa ya saba ji a kasuwa, kuma kotu ba ta kama kowa da shi. Na biyu magana ce a kan wani abu takamaimai, wadda ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ta sa mai saye ya fitar da kuɗinsa. Wannan kan ba shi damar warware cinikin, wani lokacin har da diyya.

Gana da Najeriya sun gaji wannan ƙa'ida daga dokar Ingila, kuma alƙalansu na jan hujja da tsofaffin hukunce-hukuncen can. A Nijar, inda aka gaji kundin dokar farar hula na Faransa na 1804, sashe na 1116 ne ke magana a kan yaudarar da ake kira dol, kuma can ma ana yafe kambama kaya irin na al'ada.

A misalta da babur, abin hawan kusan kowane gida a Tamale. Wani magini a unguwar Kalpohin ya sayi babur na hannu a kan sidi 15,000. Lokacin ciniki mai shi ya faɗi abu uku: babur ne da babu irinsa a duk arewacin Gana, yana ganin zai yi shekara biyar bai ba da wahala ba, kuma ba a taɓa buɗe injinsa ba. Bayan mako biyu ya mutu a hanyar Savelugu. Da bakanike ya kwance shi sai ya tarar an sha yin aiki a injin.

Maganar farko zaƙin baki ce, domin babu ma'aunin da za a gwada ta da shi. Haka wata kotun Ingila ta ɗauki kiran wata gona mai albarka a shari'ar Dimmock da Hallett a 1866. Ta uku kuwa tana iya zama gaskiya ko ƙarya tun a ranar da aka furta ta, kuma bakanike zai iya tabbatarwa. Ita ce bayanin ƙarya.

Ta tsakiyar ce mai wuyar sha'ani. Ra'ayi da hasashe ba su zama ƙarya don kawai ba su tabbata ba. A shari'ar Bisset da Wilkinson ta 1927, mai gona a New Zealand ya ce a ganinsa filin zai ɗauki tumaki 2,000. Su biyun sun san bai taɓa gwada kiwon tumaki a duk faɗin filin ba, don haka aka ɗauki maganar a matsayin ra'ayi, ciniki ya tsaya. Amma a shari'ar Smith ta 1884, masu sayar da otal sun yabi ɗan hayarsu da cewa mutum ne da kowa zai so, alhali sun san yana wahalar biyan haya. Kotu ta ce wanda ya fi ɗaya ɓangaren sanin gaskiya, in ya ba da ra'ayi, tamkar ya ce yana da dalili ne. Saboda haka in mai babur ɗin shi ya kai shi gareji sau uku, kalmar “ina ganin” ba za ta kuɓutar da shi ba.

Dole kuma mai saye ya nuna maganar ce ta ja shi. In ya zo da bakanikensa ya duba, ya kuma dogara da hukuncinsa kaɗai, ƙarar ta yi rauni. In kuwa an ba shi damar dubawa ne ya ƙi don ya yarda da mai kaya, bai rasa haƙƙinsa ba. Wannan shi ne hukuncin Redgrave da Hurd na 1881, kuma ya saɓa wa abin da dillalai da yawa ke gaya wa mutane, wai ido ya gani, hannu ya biya, magana ta ƙare.

Warware ciniki na nufin kowa ya koma inda yake: babur ga mai shi, sidi 15,000 ga magini. Ana samun wannan ko da mai sayarwar bai san maganarsa ƙarya ba ce. Sai dai haƙƙi ne mai saurin kuɓucewa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Shari'ar Long da Lloyd ta 1958 ta yi kama da abin da ke faruwa kullum a garejojin Tamale. Wani ya sayi motar kaya da aka ce lafiyarta ƙalau. A tafiyar farko ya ga tana yoyon mai, na'urar cajin batir ta mutu, ga shan fetur. Ya yi ƙorafi, mai sayarwar ya ce zai biya rabin kuɗin gyaran na'urar, shi kuma ya amince. Washegari ya tura ta doguwar tafiya, ta lalace. Kotu ta ce ya ga aibun, ya karɓi sulhu, ya ci gaba da aiki da ita, don haka ya tabbatar da cinikin. Maginin Kalpohin da ya karɓi “kuɗin gyara” ya ci gaba da hawa zai faɗa wannan ramin. Abin da ke kare shi shi ne ya ajiye babur ɗin daga ranar da ya gano, ya sanar da mai shi a rubuce ko a gaban shaidu cewa ya fasa.

Jinkiri ma na kashe haƙƙin, kamar wanda ya sayi zane a shari'ar Leaf ta 1950 ya dawo bayan shekara 5. Haka in kayan ya sauya har ba za a iya mayar da shi ba, ko ya shiga hannun wani da ya saya bai san komai ba.

Diyya kuma ta danganta da halin da aka yi maganar. Tun shari'ar Derry da Peek ta 1889, zamba ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ƙarya ne, ko bai yarda da shi ba, ko bai damu ya zama gaskiya ko ƙarya ba. In aka tabbatar da haka, ana mayar da mai saye matsayin da zai kasance da bai shiga cinikin ba. A ce ainihin darajar babur ɗin sidi 10,000 ce, kuma janyo shi da kwance injin sun ci 500. In ya riƙe babur ɗin zai nemi 5,500. In ya mayar, ya karɓi kuɗinsa da 500 ɗin. Tun hukuncin Hedley Byrne na 1963 ana iya neman diyya a kan bayanin da aka yi da sakaci, in akwai nauyin kula a kan mai maganar. Wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya, ba sakaci, a bisa tsohuwar ƙa'ida warwarewa kawai ake yi masa. Ingila ta sassauta wannan da dokar 1967, amma dokar ta Ingila ce, ba ta Gana ba.

Akwai wata hanyar da ta fi sauƙin hujja. In aka rubuta a takardar ciniki cewa ba a taɓa buɗe injin ba, maganar ta zama sharaɗi, kuma karya ta na jawo diyya ba sai an tono zuciyar kowa ba. Lissafin ma ya bambanta: in da maganar gaskiya ce babur ɗin zai kai 16,000, to gibin 6,000 ne. Dokar sayar da kaya ta Gana ta 1962 ta kuma sanya sharaɗin cewa kaya ba shi da aibin da ba a bayyana wa mai saye ba kuma bai sani ba, ban da wanda dubawar da ya yi ya kamata ta nuna.

Ga 'yan zango da ke fara kai ƙara wurin malami ko sarkin zango, tsarin ba baƙo ba ne. Fiƙihu ya san mayar da kaya saboda aibi, ya kuma san akuyar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a ranar kasuwa, wadda mai saye ke da zaɓin mayarwa bayan ya tatsa ya gani. Amma sulhun da aka yi a zaure yana iya zama hujja a kotu cewa mai saye ya amince da cinikin bayan ya san gaskiya.